Za Mu Rufe Don Gyara: Abin Da Ke Cikin Takardar Da Otal Ke Aika Wa Baƙinsa

A ranar 15 ga Disamba, 2007 otal ɗin Savoy na birnin Landan ya rufe ƙofofinsa. Tun 1889 yake karɓar baƙi a bakin kogin Thames, kuma akwai mutanen da iyayensu da kakanninsu ba su san wani masauki a Landan ba sai shi. An sanar da irin waɗannan baƙi cewa za a yi wa ginin gyara na kimanin fam miliyan 100, a dawo aiki a cikin 2009. Kwanaki kaɗan bayan rufewar, kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da kayan otal ɗin kusan 3,000, daga gadaje da kujeru har fitilu. Wanda ya ga an yi gwanjon gadon da ya saba kwana a kai ya san maganar rufewa ta tabbata.

Maganar buɗewa ce ba ta tabbata ba. Shekarar 2009 ta zo ta wuce ƙofa na kulle. Sai ranar 10 ga Oktoba, 2010 aka sake buɗe Savoy, wato bayan kusan wata 34, kuɗin aikin kuma ya kai fam miliyan 220, ya ninka abin da aka yi kiyasi har da ɗoriya. Ba talauci ne ya jawo haka ba, domin wanda ya sayi otal ɗin a 2005 shi ne Yarima Alwaleed bin Talal na Saudiyya, kamfanin Fairmont kuma ke tafiyar da shi. Ginin ne da kansa ya ƙi. Da aka ɓare bango aka ɗaga daɓe, sai aka tarar da matsaloli a jikin ginin da bututun ruwa da wayoyin lantarki fiye da yadda aka zata.

Duk sanarwar rufe otal tana ɗauke da rana biyu, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ranar rufewa a hannun mai otal take, shi ya zaɓe ta, kuma da wuya ta motsa. Ranar buɗewa kuwa tana hannun ɗan kwangila, da tsohon gini, da jirgin ruwan da zai kawo kaya, da hukumar da za ta duba ta ce an cika sharaɗi. Baƙon da ya fahimci wannan zai karanta takardar da ido daban. Manajan da ya fahimci wannan shi ma zai rubuta ta daban.

Me ya sa ranar buɗewa ke gudu

Savoy ba shi kaɗai ba ne. Otal ɗin Ritz na Paris ya rufe a farkon Agusta 2012, an ce aikin zai ɗauki wata 27. An yi ta ɗage ranar, sannan a watan Janairu 2016, ana dab da gamawa, gobara ta tashi a saman ginin. Sai a watan Yuni 2016 ya buɗe, kusan shekara huɗu ke nan. Waldorf Astoria na New York ya fi su duka. Ya rufe ranar 1 ga Maris, 2017 da zaton shekara biyu zuwa uku. Kamfanin inshorar China mai suna Anbang, wanda ya saye shi a 2014 kan dala biliyan 1.95, ya shiga rikici har gwamnatin China ta karɓe ragamarsa a 2018, annobar korona kuma ta biyo baya. Baƙi ba su sake kwana a Waldorf ba sai a 2025, kuma otal ɗin da suka tarar ba wanda suka bari ba ne: ɗakuna sama da 1,400 sun koma 375, sauran wurin an mayar da shi gidajen sayarwa.

Akwai wanda ya cika alkawari, kuma dalilinsa abin lura ne. Babban ginin otal ɗin Okura na Tokyo ya rufe a ƙarshen Agusta 2015, aka ce za a dawo a 2019, kafin wasannin Olamfik. A watan Satumba 2019 aka buɗe. Bambancin shi ne Okura ba gyara aka yi masa ba, rushe shi aka yi aka gina sabo. Mai gina sabo ya san yawan siminti da ƙarfen da zai ci tun a kan takarda. Mai gyara tsoho bai san abin da ke bayan bango ba sai ya fasa. Duk wanda ya taɓa kiran mai gyaran famfo don ɗigon ruwa a banɗaki, aka wayi gari an farfasa tayil har tsakar gida, ya san wannan. Otal mai ɗaki ɗari biyu banɗaki ɗari biyu ne a jere, bututunsu kuma a haɗe.

Saboda haka kalmar da takardar ta yi amfani da ita wajen bayyana aikin tana gaya maka yadda za ka yarda da ranar. Idan fenti ne da labule da katifu da kafet, kwaskwarima ce, ranar da aka faɗa tana iya tsayawa, kuma irin wannan ma ba kasafai ake rufe otal gaba ɗaya saboda shi ba. Ana bin sa hawa-hawa, a kulle hawa na uku baƙi na kwana a na biyu. Amma idan ka ga an ambaci bututun ruwa, wayoyin lantarki, lif, na'urorin sanyaya gini ko kicin, to aikin ya shiga cikin jijiyar ginin. Ba za a iya yanke ruwa da wuta baƙi na ciki ba, shi ya sa ake rufewa, kuma a nan ne jinkiri ya fi zama. Lif da manyan na'urori galibi odarsu ake yi daga waje, sai an ƙera, an yi jigila, an fito da su daga tashar jiragen ruwa. Mako shida na jinkiri a nan ba abin mamaki ba ne.

Ko an gama aikin ma ba a buɗewa washegari. Sai an bi ɗaki-ɗaki ana rubuta kurakurai: ƙofar da ba ta kulluwa, famfon da ruwan zafi da na sanyi suka juya, makunnin da ke kunna fitilar da ba tasa ba. Sai an saki ruwa ya wanke bututun da ya daɗe a tsaye. Sai an dawo da ma'aikata ko an ɗauki sababbi an horar da su. Manyan otal-otal kan fara da ɗakuna kaɗan na 'yan makonni don gwaji kafin buɗewa ta sosai. Ranar da ɗan kwangila ya miƙa makulli daban, ranar da baƙo zai iya kwana lafiya daban. Sanarwar da ta haɗe su wuri ɗaya ta riga ta shirya wa kanta jin kunya.

A ganina takarda mai gaskiya ba ta cewa "za mu buɗe ranar kaza" kawai ta yi shiru. Tana cewa lokacin da ake sa ran gamawa, sannan ta faɗi ranar da aka fara karɓar masu kama ɗaki, wadda ya kamata ta kasance bayan ta farko da tazara. Sai ta ƙara rana ta uku, wadda za a sake aiko da labarin inda aka kwana. Wannan ta ukun ita ce mafi sauƙin cikawa, domin ba ta bukatar siminti, kuma ita ce aka fi mantawa.

Daren ƙarshe

Ranar rufewa ma, duk da tana hannun mai otal, akwai tarko a cikinta. A ce an rubuta "za mu rufe ranar 5 ga Janairu". Shin wanda ya iso da yammacin 4 ga wata zai samu ɗaki? Wanda ke son kwana daren 5 fa? A otal ba yini ake sayarwa ba, dare ake sayarwa, kuma kowane dare yana taɓa rana biyu. Hanyar da ba ta barin shakka ita ce a ambaci daren ƙarshe da za a kwana, da ranar da baƙo na ƙarshe zai fita, da ƙarfe nawa. Haka nan ɗakin cin abinci da zauren taro da wurin wanka, kowanne da ranarsa idan ta bambanta, domin sau da yawa zaure kan rufe kafin ɗakuna, ko gidan abinci ya ci gaba da aiki ta wata ƙofa.

Kafin takardar ta fita kuma akwai aikin da ba a gani. Dole a toshe waɗannan ranaku a na'urar da otal ke karɓar masu kama ɗaki, da shafukan dillalai irin su Booking.com da Expedia, da wajen kamfanonin shirya tafiye-tafiye. Idan aka manta da ko ɗaya, mutum zai biya kuɗi ta waya, a aiko masa da shaidar ya samu ɗaki, ya sauka daga mota da dare ya tarar da buhunan siminti a bakin ƙofa. Ma'aikata su ma ya kamata su ji kafin baƙi. Babu abin da ke zubar da mutuncin otal kamar baƙo ya nuna wa mai karɓar baƙi saƙon rufewa a wayarsa, shi kuma ya ce yanzu yake ji. Bayan abin kunya ne, mutumin nan aikinsa ne ke rawa, bai kamata ya tsinci labarin a bakin baƙo ba.

Baƙi ba iri ɗaya ba ne

Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta takarda ɗaya a watsa wa kowa. Wanda ya saba sauka amma ba shi da wata tafiya a gaba, labari kawai yake bukata da shawarar inda zai nufa. Wanda ya riga ya kama ɗaki a cikin lokacin rufewa kuwa alkawari aka yi da shi, yanzu kuma otal ne ke warware shi. Wannan ba saƙon gama-gari ya dace da shi ba. Kiran waya ya dace da shi, daga wanda ke da ikon yanke magana, sannan a bi da rubutu mai ɗauke da sunansa da ranakunsa da adadin da ya biya.

A sana'ar otal akwai tsohuwar al'ada game da baƙon da ya kama ɗaki aka kasa ba shi, kamar idan an karɓi mutane fiye da ɗakunan da ake da su. Otal ɗin ne ke nemo masa masauki mai daraja ɗaya ko sama da haka, ya ɗauki nauyin kai shi, kuma baƙon ba ya biyan fiye da abin da aka yi ciniki. Rufewa don gyara ba ta soke wannan ba. Illa ma dai ta ƙara wa otal nauyi, tunda ya san da zuwanta tun da wuri. Zaɓin da ya kamata a shimfiɗa wa mutum uku ne: a mayar masa da kuɗinsa cif, ko a ɗage masa zuwa bayan buɗewa a kan tsohon farashi, ko a sauke shi a wani otal. Shi zai zaɓa. Takardar da ta ce "za mu ajiye muku kuɗinku har mu buɗe" ba tare da zaɓin karɓa ba, bashi ta ci daga baƙo ba da yardarsa ba, kuma mun ga yadda ranar buɗewa take. Wanda ya bar kuɗinsa a Waldorf yana jiran shekara biyu, da ya jira takwas.

Bari mu ɗauki misali da lissafi, na ƙirƙira ne don a ga yadda abin yake. A ce otal ne mai ɗaki 60 a ɗaya daga biranenmu, kwana ɗaya naira 45,000. Ɗan kwangila ya ce wata huɗu, daga farkon Janairu zuwa ƙarshen Afrilu. Da aka duba littafi sai aka ga mutum 40 sun riga sun kama ɗaki a cikin waɗannan watanni, kowanne kwana biyu a matsakaici, dare 80 ke nan. Otal mafi kusa mai irin darajarsa yana karɓar naira 60,000. Idan duk mutum 40 ɗin suka zaɓi a sauke su can, cikon da otal zai biya shi ne 15,000 sau 80, wato naira miliyan 1.2. Adadin yana da girma a ido. Amma otal ɗin nan, ko rabin ɗakunansa kawai aka kama, yana samun 45,000 sau 30 a dare ɗaya, naira miliyan 1.35. Wato duk abin da zai kashe don kada ya ɓata da mutum 40 bai kai cinikin dare guda ba. Kuma ba lallai ya biya cikon duka ba, domin maƙwabcin da aka kawo wa dare 80 a dunƙule, da alkawarin za a riƙa turo masa baƙi har wata huɗu, yakan yi ragi.

A nan ne wasu masu otal ke yin rowa ta wata fuska. Suna tsoron idan sun tura baƙonsu wurin maƙwabci mai kyau zai ji daɗi ya zauna can. Sai su yi shiru a kan madadi, ko su ambaci wani wuri da suka san bai kai nasu ba. Tsoron yana da tushe, wasu baƙin ba za su dawo ba. Amma baƙon dole ya kwana a wani wuri ko an gaya masa ko ba a gaya masa ba. Idan da kansa ya nemo, alaƙarsa da sabon wurin ce, kai ba ka ciki. Idan kai ka kira ka kama masa, ka gaya wa mutanen can cewa Alhaji ba ya son ɗaki kusa da janareta kuma yana karyawa da wuri, to har yanzu baƙonka ne, aro ka bayar.

Madadi kuma ba jerin sunaye ba ne. Mutum ya saba da otal ne saboda wani dalili: kusa yake da kasuwar da yake sayen kaya, ko asibitin da yake ganin likita, ko akwai filin ajiye mota mai tsaro, ko masallaci a harabar, ko ba a sayar da giya, ko kuwa akasin haka. Sunan otal biyu da aka zaɓa da waɗannan dalilai a zuciya, tare da nisan kowanne da farashin da aka daidaita da kalmar da baƙo zai faɗa don a ba shi wannan farashi, ya fi sunaye goma da aka kwafo. Otal ɗin da ke cikin babban rukuni yana da sauƙi a nan, sai ya tura mutum wani reshensa. Okura ma haka ya yi: ginin da ke gefensa na kudu ya ci gaba da karɓar baƙi duk tsawon shekara huɗun, don haka wanda ya saba da sunan da irin hidimar bai rasa wurin zuwa ba. Raffles na Singapore, da ya rufe gaba ɗaya a Disamba 2017 ya buɗe a Agusta 2019, ya bar kantin tsarabarsa da sanannen wurin shan nan nasa suna aiki a wani wuri na wucin gadi a titin da ke kusa. Ba kuɗin da ke shigowa ta nan ne abin ba. Ana son ƙafar mutane kada ta manta hanya.

Zauren biki

Mai ɗaki ana iya sauya masa wuri cikin minti goma. Mai biki ba haka ba. A garuruwanmu zauren otal na cikin abin da ake kamawa tun watanni kafin rana, a ba da kafin alƙalami, a buga sunan wurin a katin gayyata, a gaya wa mai abinci da mai ado da mai hoto. Idan otal ya mayar wa uwar amarya naira 500,000 da ta bayar, a takarda ya sauke nauyi, amma a zahiri ya bar ta da kati ɗari biyar masu ɗauke da adireshin da ba shi da amfani, a lokacin da sauran zaurukan gari duk an kama. Saboda haka littafin zaure ne ya kamata a fara buɗewa kafin a tsayar da ranar rufewa, ba bayan an tsayar ba. Wani lokaci ɗaga rufewar da mako biyu don a sallami biki uku ya fi araha a kan neman musu wuri. Idan ba makawa, su ne farkon waɗanda za a kira, kuma otal ya nemo zauren da zai ɗauki yawan mutanensu a wannan ranar, ya biya ciko, ya sa mutum a tsohuwar ƙofa ranar bikin yana nuna wa 'yan gayya hanya.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, kada otal ya karɓi kafin alƙalamin biki a makonnin farko na ranar da yake sa ran buɗewa. Kwaɗayin yin haka yana da ƙarfi, domin a lokacin kuɗi ya ƙare a gini, ga mai son biya. Amma ɗaurin aure ba ya jiran tayil ya bushe. Ga mai shirin biki, shawarar gajera ce: wurin da bai buɗe ba tukuna, kada ka buga sunansa a kati sai ka shiga da ƙafarka ka ga fitila na ci.

Zaɓen lokacin rufewa ma yana da lissafinsa. Ana neman watannin da baƙi suka yi ƙaranci, a kauce wa na cunkoso. A Kano ko Katsina ko Zariya, otal ɗin da ya bari hawan Sallah ya same shi a kulle ya yi asarar kwanakin da suka fi kowanne ciniki. Sallah kuma tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara a kalandar Bature, don haka ba a kwafar jadawalin bara. Aikin da ya shafi rufi kuma ana son a gama shi kafin damina ta kankama.

Yadda takardar za ta kasance

Ga yadda otal ɗin misalinmu zai iya rubuta wa wanda ya saba sauka:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Muna sanar da kai cewa za mu rufe otal gaba ɗaya don sauya bututun ruwa da wayoyin lantarki da gyaran banɗakuna. Daren ƙarshe da za a kwana shi ne na 4 ga Janairu, baƙi za su fita ranar 5 ga Janairu kafin ƙarfe 12 na rana. Muna sa ran kammala aiki a ƙarshen Afrilu, amma ba za mu karɓi masu kama ɗaki ba sai daga 1 ga Yuni. Ranar 15 ga Maris za mu sake rubuto maka inda aikin ya kai, ko da ranar ta canja ko ba ta canja ba. Mun ga kana da kwana uku daga 20 ga Fabrairu, ka kuma biya naira 135,000. Za mu iya mayar maka da su cikin kwana bakwai, ko mu ɗage maka zuwa bayan buɗewa a kan wannan farashi, ko mu sauke ka a ɗaya daga otal biyun da ke ƙasa ba tare da ka ƙara ko kwabo ba. Jakarka da ke ajiye a wurinmu tana nan. Ka aiko a ɗauka kafin 3 ga Janairu, ko ka ce mu kai maka. Lambar ofishinmu za ta ci gaba da aiki daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma duk tsawon rufewar."

Babu dogon yabon sabon ginin da za a gani, babu hoton ɗakin da ba a gina ba tukuna. Wannan talla ce, lokacinta na zuwa. Yawancin sanarwar da ke fitowa sakin layi uku ne na kirari, ranakun kuma a can ƙasa cikin ƙananan haruffa. Mai karatu a waya yake, yana tsaye a tasha, layi biyu na farko kawai zai gani.

Maganar jaka ba ƙaramin abu ba ce. Baƙin da suka saba da wuri sukan bar kaya: akwati a ɗakin ajiya, takardu a akwatin ƙarfe na ofis, wani har mota. Ranar da leburori suka shigo, ɗakin ajiya shi ne farkon wanda ake kwashewa, kuma babu wanda zai iya cewa ga inda komai ya tafi. Haka nan kamfanin da ke da yarjejeniyar farashi ta shekara yana bukatar a gaya masa ko za a tsawaita ta da watannin da aka rasa. Masu tara maki a manyan rukunonin otal su ma su lura: a tsarin Hilton da na Marriott maki kan mutu idan aka yi wata 24 ba a motsa asusu ba, don haka wanda reshe ɗaya kawai yake sauka, aka rufe shi shekara biyu, zai iya dawowa ya tarar babu komai.

Abu na ƙarshe ya shafi mai karɓar saƙon. Labarin rufe otal dama ce ga 'yan damfara, domin sun san akwai mutanen da ke jiran a mayar musu da kuɗi. Sai a kira ka da sunan otal a ce a turo lambar katinka, ko lambar sirrin da banki ya aiko maka yanzu, don a sa maka kuɗinka. Mayar da kuɗi ba ya bukatar ko ɗaya daga cikinsu. Lambar asusu da sunan banki sun isa, wanda kuma ya biya da kati ko ta shafin dillali, ta hanyar da kuɗin ya bi zai dawo. Idan saƙo ya zo, ka kira lambar da ke kan tsohon rasit ɗinka, ba wadda ke cikin saƙon ba. Idan kuma ta Booking.com ko makamancinsa ka kama ɗakin, kada ka danna sokewa da kanka don otal ya roƙe ka. Da zarar kai ka soke, a na'ura kai ne ka fasa, kuma sharaɗin fasawa zai iya hawa kanka. Ka bari otal ɗin ya sanar da dillalin cewa shi ne ya kasa, ka ajiye saƙon da ya aiko maka da rasit ɗin biya har kuɗin ya shigo asusunka.